Babi na Bakwai: Zaɓen Misali Idan Ana Bayani da Baki

Mai karanta littafi yana iya komawa shafin baya idan abu ya shige masa duhu. Mai sauraro ba shi da wannan damar. Magana ta wuce, ta wuce ke nan, kuma abin da yakan tafi da shi gida shi ne misalin da ka kawo masa. Da wannan misalin zai riƙa amsa duk tambayar da ta taso masa daga baya, har wadda ba ka taɓo ba. Saboda haka kafin ka tsaya gaban jama'a, sai ka gwada misalinka ka ga irin amsoshin da yake haifarwa.

Mu ɗauki wutar lantarki. Misalin da aka fi yayi shi ne na ruwa a cikin bututu. Tanki yana sama, ruwa yana gangarowa. Tsayin tankin shi ne ƙarfin turi, wato lambar da ake rubutawa da harafin V a jikin batir, kamar 12V. Yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa shi ne yawan wutar da ke gudana, wadda ake aunawa da harafin A. Wurin da bututu ya matse kuwa shi ne abin da ke tauye gudun wuta. Misalin yana da kyau a nan, domin lissafinsa yana fita daidai. Idan turi yana nan yadda yake, aka ninka matsi sau biyu, abin da ke wucewa zai ragu da rabi: inda 2A ke bi, sai ya koma 1A.

To, yanzu ka zauna a matsayin mai sauraro, ka yi wa misalin tambaya. Idan aka yanke waya, me zai faru? Wanda bututu kaɗai ya ji zai ce wutar za ta yi ta tsiyaya, don haka ruwa yake yi idan bututu ya fashe. Amsar ba daidai ba ce. Idan aka yanke wayar da ta haɗa batir da ƙwan fitila, gudun wuta tsayawa yake yi cak a ko'ina. Tambaya ta biyu: bayan wuta ta wuce ƙwan fitila, nawa ya rage? Da yawa za su ce ƙwan ya shanye ta, kamar yadda ruwa yake ƙarewa a bakin famfo. Nan ma kuskure ne. Idan ka auna wayar da ke shiga ƙwan da wadda ke fita, adadi ɗaya za ka samu. Abin da ƙwan ya ci shi ne ƙarfin da wutar ta ɗauko, ita kuwa wutar ta koma batir yadda ta fito.

Laifin ba na masu sauraro ba ne. Bututun da suka sani yana da farko yana da ƙarshe, ita kuwa hanyar wuta zagaye ce.

Idan zagayen nan ne kake son su gane, ka ajiye bututu ka ɗauko sarƙar keke. Ƙafar mai tuƙi ita ce batir, tayar baya ita ce ƙwan fitila, sarƙa kuma ita ce abin da ke gudana cikin waya. Maimaita tambayoyin nan. Sarƙa ta tsinke: komai ya tsaya, ko a ina ta tsinke. Sarƙa ta wuce ta wajen taya: ba ta ragu da ko zobe ɗaya ba, sai dai mai tuƙin ne yake gajiya, kamar yadda batir yake sanyi. Har ma tana amsa wata tambaya ta uku da takan rikita mutane, wato me ya sa fitila take kamawa nan take da an danna makunni. Ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da wuta a cikin wayar gida tafiyar hawainiya suke yi, sau da yawa ba sa cin ko milimita ɗaya a daƙiƙa. Amma tun kafin a kunna, wayar cike take da su. Kana taka feda, taya tana juyawa, ba sai zoben da ke gaba ya isa baya ba.

Sarƙar ma tana da inda ta tsaya, kuma wannan wajen ba a yi masa shiru. Wanda ya riƙe misalin sosai zai iya cewa tsinkakkiyar waya ba ta da haɗari, tunda tsinkakkiyar sarƙa ba ta motsi. Wayar wutar gida ko ta kan turaku ba haka take ba. Ƙarfin turin yana nan a bakinta, kuma wanda ya taɓa ta ƙafarsa a ƙasa, jikinsa ne zai cika zagayen. Ka faɗi haka da bakinka ƙarara: “Jama'a, a nan misalin keke ya ƙare. Waya ko ta tsinke tana kisa.” Jimla biyu ne, amma ni a ganina malamin da ya tsallake su gara a ce bai kawo misalin ba sam.

Kada ka haɗa bututu da sarƙa a numfashi ɗaya. Ka tsai da tambayar da darasin ranar zai amsa. In yawa da ƙarfi ne, bututu. In zagaye ne, sarƙa.

Kuɗin ruwa mai hawa kan kansa, wato wanda ruwan da ya taru a kan bashi shi ma yake jawo nasa ruwan, ya fi wutar lantarki sauƙi, amma a nan ma ana yin tuntuɓe. Wasu sukan kwatanta shi da bokitin da ake ɗiga wa ruwa a hankali. Wannan ya dace da kuɗin ruwa na kai tsaye, inda ƙarin kowace shekara iri ɗaya ne. Wanda ake nufi a nan garke ya fi kama da shi, domin 'ya'yan da aka haifa su ma suna girma su haihu. Ka fara da dabbobi 100, kowace goma suna ƙara ɗaya a shekara: 110, sai 121, sai 133. Ka dakata a 121 ka tambaya, “Wannan ɗayan da ya hau kan 120, daga ina ya fito?” Idan wani ya ce goman da aka haifa bara ne suka kawo shi, an gane.

Daga nan sai ka koma kan kuɗin kansa, kada a kwana a garke. Bashin 1,000 da ruwan kashi 10 cikin 100 a shekara, in ba a biya komai ba, bayan shekara 10 zai zama 2,000 a lissafin kai tsaye, amma kusan 2,594 a mai hawa kan kansa. Bayan shekara 20, 3,000 ne da kusan 6,727. Ka kuma faɗi iyakar misalin: dabba tana mutuwa, tana jiran ta girma kafin ta haihu, bashi kuwa ba ya jiran komai, kuma wani ana lissafa shi ne duk wata.

Aikin gwaji: zaɓi abu ɗaya da kake son koyarwa. Faɗa wa mutum ɗaya misalinka, sannan ka yi masa tambaya uku da suka fara da “me zai faru idan”. Kada ka gyara masa yana magana. Rubuta amsoshinsa yadda ya faɗe su, ka zo da su aji na gaba.