Yadda ake ajiye hotunan ɗinkin kwastoma don kada su tafi tare da waya

Akwai wani yaro da ya koyi ɗinki a hannuna, yanzu ya kai shekara biyu da buɗe nasa shagon, kuma wallahi hannunsa na da kyau musamman a ɗinkin mata. Ran nan da yamma sai ga shi ya shigo min fuska a yamutse, ya ajiye waya a kan teburin yanka ya ce "Oga, na shiga uku". Ashe wayar ce ta zame daga kan keke ta faɗi, bai ma lura ba ya tura kujera ya taka ta. Sikirin ya yi baƙi ƙirin, ko caji aka sa ba ta motsi. Ita wayar ba ta dame shi ba, abin da ke ciki ne, yadi goma sha ɗaya a jibge a shago kuma duk samfurin da masu su suka zaɓa yana cikinta, har da na wasu ƙawayen amarya su biyar da kowacce ta turo nata irin wuya da nata irin hannu. Awon wasu ma a takarda ya rubuta ya ɗauki hoto ya yar da takardar.

Mai gyara ya buɗe ya ce allon ciki ya tsage, babu abin da za a ciro. Wayoyin yanzu a kulle suke ajiye kayan ciki, in wayar ba ta tashi an sa lambar buɗewa ba to ko an haɗa ta da kwamfuta ba a ganin komai. Da a ce gilashin ne kawai ya daina jin taɓi amma hoto na fitowa, ana iya sa mata linzamin kwamfuta ta ƙaramin mahaɗin nan na OTG a danna lambar a kwashe kaya. Kuma in irin haka ta same ka, kafin ka miƙa waya ka faɗa wa mai gyara da babbar murya kada ya yi mata filashin, don filashin shara yake yi tas.

Muka ce to bari a gwada akawun ɗinsa na Google a wata waya. Nan ma rigima, don wanda ya sayar masa da wayar ne ya buɗe masa imel ɗin tun farko, shi bai taɓa sanin fasuwod ba. Allah ya taimaka layinsa ne aka sa a ciki, muka cire sim muka sa a tawa, lamba ta shigo muka canza. Da muka buɗe Google Photos sai ga hotuna sun fara zubowa, yaro har ya fara hamdala, amma da muka duba da kyau hotunan da ya ɗauka da kyamara ne kaɗai, nasa na gayu da na takardun awo da na kayan da ya gama ɗinkawa. Samfurin da kwastoma suka zaɓa kuwa ko ɗaya babu. Dalili kuwa shi ne duk ta WhatsApp suka turo, su kuma waɗannan a wata folda daban suke zama, manhajar ba ta taɓa su sai kai ka ce ta taɓa. Shi kansa WhatsApp ɗin bai taɓa kunna masa bakof ba, wato ajiye kwafin hira a intanet, da ya sa shi a sabuwar waya fayau ya buɗe.

Abin da ya cece shi rabi da rabi shi ne hoton da aka turo maka yana nan a wayar wanda ya turo in bai goge ba. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana "Hajiya don Allah a yi haƙuri a sake turo min". Bakwai suka turo. Biyu sun goge, sai da suka zo shago aka sake zaɓe. Sauran biyun kuwa ya ji nauyin kira ya ɗinka daga ƙwaƙwalwa, ɗaya ta dace, ɗayar ya yi mata dogon hannu alhali gajere mai tattara ta ce, sai da ya farke ya sake, kuma tun ranar bai ƙara ganin ƙafarta ba.

To ga yadda muka saita sabuwar wayar, ta Android ce, in taka ma ita ce ka ɗauko ka bi ni.

Ka fara da akawun ɗin kafin komai, don shi ne makullin ɗakin ajiyar. Ka tabbata ka san adireshin imel ɗinka da fasuwod ɗinsa da ka, in ba ka sani ba yau ɗin nan ka canza tun wayar na da rai, ka rubuta a littafin da kake ajiyewa a gida. Sai ka shiga `myaccount.google.com` ɓangaren `Security` ka duba `Recovery phone`, ya zama layinka ne mai aiki ba na wani da kuka rabu shekara uku ba. In ka kunna `2-Step Verification` akwai `Backup codes`, lambobi ne guda 10 da kowacce ake amfani da ita sau ɗaya, ka kwafe su a wannan littafin, don ranar da waya ta mutu ita ce ranar da za a ce ka danna amincewa a wayar da ta mutu.

Daga nan ka buɗe Google Photos, ka taɓa hotonka da ke sama ta dama, ka shiga `Photos settings` sannan `Backup` ka kunna. Mafi yawan mutane nan suke tsayawa, kuma nan ne yarona ya faɗi. Ka gangara ƙasa har ka ga `Back up device folders`, ka shiga, za ka ga jerin foldoji kowacce da makunninta. Ka kunna `WhatsApp Images`, in na kasuwanci kake amfani da shi sunan zai ɗan bambanta amma za ka gane shi, ka kunna `Screenshots` don rabin samfurin da tela ke tarawa ɗaukar sikirin ne, ka kunna `Download` ma. Na bidiyo dai ni ban ba da shawara ba, shi ke cinye wuri.

Maganar wuri, Google na ba kowane akawun 15 GB kyauta, amma ba na hoto kaɗai ba ne, da Gmail da Drive duk a kwano ɗaya suke ci, kuma tun 2024 bakof ɗin WhatsApp ma a ciki ake lissafa shi. A da akwai ajiyar hoto marar iyaka, an rufe wannan ƙofar tun 1 ga Yuni 2021. Duk da haka ga tela ya isa, in ka ɗauka hoton kyamara ɗaya 3 MB ne to wajen hoto 5,000 kenan, na WhatsApp kuma da yake a matse suke zuwa ba su kai haka ba ko kusa. A `Backup quality` ka zaɓi `Storage saver`, yana rage nauyin hoto amma zanen aikin wuya da layin ɗinki duk za ka gani sarai. Abin da zai cika maka wurin shi ne tarkacen guruf, gaisuwar safiya da hotunan da ba ka san masu su ba, saboda haka a WhatsApp ka shiga kowane guruf mai surutu ka kashe `Media visibility`, ba za su ƙara shiga cikin hotunanka ba. In wurin ya cika bakof tsayawa yake, har imel ma ya daina shigowa.

Sai data. Manhajar Google Photos ta fi son waifai, in ba ka da shi za ta zauna tana jira wata da watanni kai kana zaton tana aiki. Ka shiga `Mobile data usage` ka ba ta izini, akwai iyakar da za ka sa mata a rana, ko 30 MB ka zaɓa ya ishi hotunan yini guda na ƙaramin shago. Tsofaffin da suka taru kuwa ka bari sai ka samu waifai ko ka yi sabis na dare ka saki mata mara sau ɗaya.

WhatsApp shi ma nasa daban, don hoto kaɗai ba ya gaya maka cewa Hajiya ta ce a ƙara inci biyu a tsawo, wannan a cikin hira yake ko a saƙon murya. Ka shiga `Settings`, `Chats`, `Chat backup`, ka zaɓi akawun ɗinka na Google, ka sa ya riƙa yi kullum wato `Daily`, ka danna `Back up` ka jira ya gama a gabanka. Ranar dawowa da shi a sabuwar waya sai da layi ɗaya da akawun ɗaya, kuma tun wajen sa manhajar yake tambaya, in ka ga `Restore` kada ka tsallake da gaggawa.

Yanzu gwaji, wanda ni a wurina in ba a yi shi ba to ba a yi komai ba. Ka sa wani ya turo maka hoto ta WhatsApp, ka jira ka ga `Backup complete` in ka taɓa hotonka na sama a Google Photos, sannan ka ari wata waya ko kwamfuta ka shiga `photos.google.com` da akawun ɗinka. In ka ga hoton a can, ya hau. In a wayarka kaɗai kake ganinsa wannan ba shaida ba ce, don manhajar na nuna har wanda bai hau ba. Ka tuna ka fita daga akawun ɗin kafin ka mayar wa mai waya abinsa, hotunan matan mutane da awonsu amana ne.

Wani wuri da ake ƙonewa shi ne gogewa. In ka goge hoto a cikin Google Photos to ya tafi a waya ya tafi a ajiya, zai ɗan zauna a kwandon shara na wasu makonni daga nan shi kenan. In waya ce ta cika kake neman sarari, `Free up space` za ka danna, shi na kan waya kawai yake cirewa ya bar wanda ya riga ya hau.

Yaron nawa ya ƙara da wata dabara da ni ma na kwaikwaya. Duk wadda ta kawo ɗinki yana buɗe mata albam da sunanta, ya sa samfurin, ya shimfiɗa yadin a tebur ya ɗauka tare da takardar awo a kai, don ko bayan wata shida ta ce a maimaita mata irin na wancan karon sunanta kawai zai nema. Awon kuma ya koma rubuta shi a littafi mai bango kamar yadda na koya masa tun farko ya ce tsohon yayi ne. Duk ƙarshen wata yana haɗa wayar da kwamfutar ƙaninsa, ya zaɓi `File transfer`, ya kwashe foldar `DCIM` da wannan ya zuba a filas:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media/WhatsApp Images
```

Shekaranjiya na leƙa shagon na tarar wayar a cikin aljihun tebur, ya ɗinka mata 'yar jaka da ragowar yadi mai soso a ciki. Na ce ya nuna min bakof, ya buɗe, sai muka ga hoto 43 na jira tun ranar Talata don datarsa ta ƙare bai sani ba. Na kunna masa hotsifot ɗina muka tsaya muna hira har suka gama hawa.