Kuskuren Mililita da Lita a Takardar Aikin Fiziks da Kemistiri

Shawarata ga masu takardar aikin da ta haɗa tambayoyin fiziks da kemistiri ita ce, kafin ku taɓa kalkuleta, ku rubuta kowace lamba tare da ma'auninta, domin fiziks ya fi amfani da kilogiram, kemistiri kuwa da giram, kuma a wajen sauya tambaya ne hannu ke zamewa.

Ga misali. An narkar da 5.85 g na gishiri, wato NaCl, a ruwa har haɗin ya kai 250.0 cm³, wato mililita 250.0, ana neman ƙarfinsa, wato yawan mol a kowace lita. Nauyin mol ɗaya shi ne 58.5 g, saboda haka 5.85 ÷ 58.5 zai ba da 0.100 mol. Sai a mayar da 250.0 cm³ zuwa 0.2500 dm³, wato lita, ta hanyar rabawa da 1000, sannan a raba 0.100 mol da shi, amsar ta zama 0.400 mol/dm³. Wanda ya manta rabawa da 1000 zai sami 0.0004, kuma ƙanƙantar lambar ita ce alamar kuskuren.

Kalkuleta za ta nuna 0.4 kawai, amma a ganina wanda ya kwafe haka ya zubar da maki a banza. A ninkawa da rabawa, amsa tana bin adadin da ya fi ƙarancin muhimman lambobi, a nan guda uku ne, don haka sifilai biyun ƙarshe wajibi ne. Sifilin da ke kafin ɗigo kuwa ba a ƙirga shi. Tarawa da ɗebewa dokarsu daban ce, gurbin bayan ɗigo ake dubawa: 12.1 g da 0.25 g sun zama 12.4 g. Kada a taƙaita lamba a tsakiyar lissafi, a bari sai layin ƙarshe.