Motsin ciki daga wata bakwai: kurakuran da ke jawo jinkirin zuwa asibiti

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne maganar nan ta cewa in haihuwa ta matso, ɗa yakan rage motsi saboda wuri ya yi masa kaɗan. Za a ji ta a bakin kakanni, a bakin maƙwabta, har wani lokaci a layin awo. Ba haka abin yake ba. Motsi yana ƙaruwa ne har zuwa wajen sati na 32, daga nan ya tsaya a kan wannan yawan har zuwa naƙuda, kuma ko ana cikin naƙudar ma ɗa yana motsi. Salonsa ne kawai ke canzawa. Shurin da kika saba ji a wata na bakwai yakan koma miƙa da juyi da tokarar haƙarƙari a wata na tara. In kuwa kin ji ya yi ƙasa ko ya yi rauni, wannan ba alamar haihuwa ba ce, alama ce ta a je a duba.

Dalili kuwa yana ga mabiyiya, domin ta nan abinci da iska suke isa ga ɗa ta cibiya. In aikinta ya yi rauni, abin da ɗa ke fara yi shi ne ya tattala ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya mayar da jini ga ƙwaƙwalwa da zuciya, ya daina wasa da hannu da ƙafa. Shi ya sa raguwar motsi kan riga tsayawar zuciya, kuma a wannan tsakanin ne ake iya ceto. Hawan jini na masu ciki, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, ciwon suga, ciwon sikila da cikin da ya zarce lokacinsa duk suna iya kawo wannan matsala. Mai ɗaya daga cikinsu ta fi kowa buƙatar lura.

Daga nan sai masu cewa "barci yake yi". Gaskiya ne ɗa yana barci a ciki, amma barcinsa minti 20 ne zuwa 40, da wuya ya wuce minti 90. Ɗan da ya yi shiru daga hantsi har la'asar ba barci yake ba. Kusa da wannan akwai batun kwantaccen ciki, wai ciki ya kwanta, zai tashi daga baya ya ci gaba da girma. Cikin da ya kai wata bakwai yana motsi sannan ya daina, ba a jiransa ya tashi.

Wani kuskuren kuma shi ne gwada ciki da na wata. Babu adadin motsi guda da ya zama dole ga kowane ɗa. Wani da dare yake tashi da rigima, wani bayan an ci abinci. Matar da mabiyiyarta ke manne ta gaban mahaifa ba ta jin motsi da ƙarfi kamar wadda tata ke baya. Ma'aunin shi ne abin da ɗanki ya saba. Daga sati na 28 ki riƙa lura da lokutan da ya fi motsi a rana, domin ki gane ranar da ya saɓa. Ki sani kuma shaƙuwa ba ta cikin lissafi, wato ɗan zillon nan da ke zuwa a jere, tazara ɗaya, na wasu mintuna.

Akwai ranar da hidima ke ɗauke hankali, ranar biki ko ranar wanki, sai da yamma mace ta tsaya tana tunanin ko ta ji motsi yau. In shakka ce irin wannan, ki bar komai ki kwanta a gefen hagu, wuri marar hayaniya, ki sa hankalinki ga cikin har awa biyu. In ba ki ji motsi goma daban-daban ba a cikin wannan lokaci, ki tafi asibiti. Amma gwajin na mai shakka ne. Wadda ta tabbata motsi ya ragu sosai ko ya tsaya, ba ta da awa biyun da za ta kashe a gado.

Shan ruwan sanyi ko lemo mai zaƙi don a tayar da ɗa dabara ce da ta yi yawo sosai, amma ko ya ɗan motsa bayan haka, bai nuna lafiyarsa ƙalau ba. Haka ƙaramar na'urar jin bugun zuciya da wasu ke saya su ajiye a gida. Wanda bai ƙware ba yana iya jin bugun jijiyar uwa ya ɗauka na ɗa ne, kuma ko na ɗan aka ji, zuciya na iya bugawa alhali yana cikin wahala. A ganina wannan na'ura ta fi rashinta haɗari, domin tana kwantar da hankalin da ya kamata ya tashi.

Mu ɗauki misalin mai cikin fari a sati na 36, wadda ɗanta ya saba damunta bayan sallar isha'i. Daren jiya motsi biyu kawai ta ji, masu rauni. Da safe shiru, ga ɗan ciwon kai, zobenta kuma ya matse yatsa. Kunyar cikin fari ta hana ta faɗa wa surukarta, maigida ya fita kasuwa, ranar awo kuma saura kwana huɗu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya cinye yini guda. Abin da ya dace shi ne ta ɗauki katin awo a wannan safiyar, ta kira maigida a waya, ta wuce ɗakin haihuwa kai tsaye, domin shi ba ya jiran ranar awo. Tana isa ta ce: "Sista, cikina sati 36, motsi ya ragu tun daren jiya, kuma kaina yana ciwo." Faɗin haka a sarari yana hana a ce ta bi layi.

A can za a saurari zuciyar ɗa, wadda ya kamata ta buga tsakanin 110 zuwa 160 a minti guda. Inda akwai na'urar CTG, mai bin diddigin bugun zuciyar ɗa, za a ɗaura mata ɗamara a ciki na aƙalla minti 20, a ga ko bugun yana hawa in ɗa ya motsa. Za a auna jininta, a duba fitsari ko akwai furotin, a gwada zazzaɓi da yawan jini, a yi hoton ciki don ganin girman ɗa da yawan ruwan da yake kwance a ciki. In awon jini ya kai 140/90 ko ya wuce, ga furotin a fitsari, ga ruwa ya ragu, to hawan jinin masu ciki ne da ke iya kai wa ga jijjiga, kuma likita na iya kwantar da ita, ko ya yanke shawarar a tayar da naƙuda ko a yi aiki. Ta kuma faɗi duk abin da ta sha, ko maganin mura mai sa barci daga kemis, ko jiƙo, domin wasu magunguna suna rage motsi.

Sau da yawa ana dubawa a tarar komai lafiya, a sallami mace ta koma gida. Nan ma akwai tarko. In motsin ya sake raguwa gobe ko jibi, sai ta ji nauyin komawa kada a ce ta cika ƙorafi. Awon jiya na jiya ne, kuma raguwar da ta maimaitu ta fi ta farko buƙatar bincike. A koma, ko sau nawa ne.

Magidanta su ba da izini tun wuri, cewa in haka ta faru a tafi ko ba sa nan, su kuma tanadi lambar mai mota ko mai adaidaita da zai ɗauki waya da tsakar dare. In raguwar motsi ta zo tare da zubar jini, ko ciki ya ƙulle ya yi tauri da ciwo marar lafawa, ko faya ta fashe, ko ido yana ganin dishi-dishi, kada a tsaya a ƙaramin asibitin unguwa in akwai hali. A nufi babban asibitin da ke yin aiki kuma yake da jinin ƙari.