Kurakuran da ke kashe saƙon neman aikin lissafin shago

Ina rubuta wa masu shaguna lissafinsu a nan Kaduna, kuma ƙannena da suka gama karatun akanta kan turo mini saƙon da suka aika wa wani ɗan kasuwa, su ce in duba musu dalilin da ya sa ba a amsa ba. Abin yana damuna, domin yawancinsu sun iya aikin. Saƙon ne ke rufe musu ƙofa.

Ga irin wanda aka fi turo mini, kuma sau da yawa da Turanci ake rubuta shi: "Ni ƙwararren akanta ne, ina da babbar difloma. Ina yin lissafin kuɗi, harkar haraji, rajistar kamfani, tsarin kasuwanci da tallan intanet. Zan taimaka maka ka daina asara. Tuntuɓe ni." Ka ɗauka wannan ya shiga WhatsApp ɗin wani Alhaji mai sayar da katan-katan na taliya da buhunan shinkafa a Kasuwar Barci, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ana sauke masa kaya, masu sari uku na tsaye a kansa. Ba sallama, bai san ɗan wa kake ba, bai san inda ka samu lambarsa ba. A wurinsa wannan saƙon ɗaya yake da na 'yan damfara da ke shigo masa kullum. Gyaran farko ke nan: yi sallama, ka kira shi yadda ake kiransa a kasuwa, Alhaji ko Hajiya ko Malam, ka faɗi sunanka da unguwarku, sannan ka ambaci wanda ya haɗa ku. In babu wanda ya haɗa ku, ka taka ka je shagon ku gaisa, ka karɓi lambar daga bakinsa.

Jera ayyuka biyar kuwa kana ganin ƙari ne, shi kuma sai ya ga mutumin da bai tsaya kan komai ba. Zaɓi aiki ɗaya, ka kuma faɗe shi da kalmominsa: ciniki, jari, riba, littafin bashi. Mai shagon yau kuɗi na shigo masa ta ƙofa uku, tsaba a aljihun tebur, na'urar POS, da taransifa kai tsaye zuwa asusunsa, ga kuma kayan da ke fita bashi. Ciwon kansa shi ne haɗa waɗannan wuri guda. In ka ce masa "duk Asabar zan haɗa maka abin da ya shigo ta hannu, ta POS da ta taransifa, in gwada shi da littafin ciniki", ya gane abin da kake sayarwa nan take.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne wanda masu shi ke ɗauka shi ne ƙarfin saƙonsu, wato tsoratarwa. "Kana asara ba ka sani ba." "Yaranka na iya cin kuɗinka." Ni ma na taɓa rubuta makamancin haka a farkon aikina, mai shagon ya karanta ya yi shiru, daga baya na ji cewa yaron da ke kan teburin ɗan yayarsa ne da ya riƙe tun yana ƙarami. Ka ga na zagi gidansa ban sani ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana juya jari ba zai ji daɗi baƙo ya ce masa bai san dukiyarsa ba. Haka ambaton haraji a saƙon farko: da ya ga kalmar, zuciyarsa ta tafi ga jami'an hukumar tara haraji ta jiha, ya fara tunanin ko aiko ka aka yi. Haka neman takardar bayanin asusunsa na banki tun ba ku zauna ba. Ɗan kasuwa yana tsare asirin cinikinsa, don haka sai ka riga shi yin maganar: littafi ba zai bar shago ba, ba ka buƙatar lambar sirrinsa ko katinsa, kuma abin da ka gani ba mai ji.

Sai maganar kuɗi. Kunya kan sa mu ce "sai mun zauna", alhali shi mutum ne da ya saba jin farashi kafin ya taya. Faɗi kuɗinka da abin da za a samu a kansa.

Ga yadda zan rubuta wa wancan Alhajin:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Sunana wane, daga Tudun Wada. Maƙwabcinka mai shagon man girki, wanda nake yi wa lissafi, shi ya ba ni lambarka. Aikina shi ne duk Asabar bayan la'asar in zo shago na awa ɗaya, in haɗa cinikin mako, na hannu da na POS da na taransifa, in ba ka takarda ɗaya mai nuna abin da ya shigo, abin da aka kashe, da bashin da kake bi. A gabanka zan yi, littafi ba ya fita daga shago. Naira 20,000 ne a wata, amma makon farko gwaji ne, ba ka biyan komai. In ka amince, in zo Asabar ɗin nan? Allah ya ba da kasuwa."

Lura da tambayar ƙarshe: guda ɗaya ce, amsarta "zo" ko "bari tukuna". Kuma kada ka ambaci maƙwabcin sai ka nemi izininsa, domin Alhaji zai leƙa ya tambaye shi a ranar.

Dalilin da ya sa nake dagewa kan gwajin mako guda shi ne takardar da za ka miƙa masa ta fi kowace shaidar karatu iya magana. A ce littafin ciniki ya nuna naira 1,240,000 a makon. Tsabar kuɗi 410,000, POS 530,000, taransifa 215,000, jimilla 1,155,000. Saura 85,000 ba a gani ba. Da aka zauna aka bi rana-rana, sai ya zamana kayan 60,000 wata mai abincin sayarwa aka ba bashi ba a shigar a littafin bashi ba, 25,000 kuma Alhaji ne da kansa ya zara ya aika cefane gida. Babu ɓarawo a cikin lamarin. Da ka buɗe saƙonka da zargin yara, da ka ɓata mutane a banza, kuma da ba ka samu zaman da aka gano haka ba. Wannan ne ma ya sa ba na yi wa kowa alkawarin ƙarin riba a saƙo. Abin da ke hannuna shi ne nuna inda kuɗi ya bi.

Lokacin aikawa yana da tasiri. Da safe ana hada-hada, ranar Juma'a da rana hankali na masallaci, gab da salla kuwa ko gaisuwa da ƙyar. Bayan isha'i, ya koma gida ya huta, ya fi. Wasu 'yan kasuwar sun fi son saurare a kan karatu, don haka bayan rubutun ka iya bin sa da saƙon murya da bai wuce minti ɗaya ba, ka faɗi abu guda da na rubutun, kada farashi ya bambanta.

In ya karanta bai amsa ba, kada ka bi shi da kira a jere ko "ina jiran amsarka". Bari kwana uku, ka sake gaishe shi sau ɗaya ka tuna masa Asabar. In har yanzu shiru, ka bar wayar, ka biya ta shagon wata rana da yamma riƙe da samfurin takardar nan mai shafi ɗaya, wadda ka cika da alƙaluman misali, ba na wani shagon da kake yi wa aiki ba.