Yadda ake fitar da gajimare da ciyawa daga zane ɗaya

Ka buɗe wasan Super Mario Bros. na 1985, ka dubi farin gajimaren da ke sama, sannan ka sauke ido kan koren kurmin ciyawar da ke ƙasa. Tudun kansu iri ɗaya ne, domin zane ɗaya ne aka rina sau biyu. Wasan gaba ɗayansa kilobayit 40 ne, 8 kacal a ciki na hotuna. Ga yadda za ka yi irinsa a tsarin na'urar NES, wato na'urar wasan bidiyo ta Nintendo da ake buga wasan a kanta.

Da farko ka samu takarda mai gida-gida, ka yanka ta tayil-tayil, kowane tayil ɗigo 8 a tsaye, 8 a kwance. Ka zana gajimarenka, amma kada ka shafa launi. A kowane gida lamba za ka rubuta, daga 0 zuwa 3: 0 sararin sama, 1 cikin gajimare, 2 inuwarsa, 3 bakin layin da ya kewaye shi. Na'urar ba ta san fari ko kore ba, lambar nan kawai take ajiyewa, shi ya sa kowane tayil ke cin bayit 16.

Sai ka haɗa jerin launi biyu. A na farko, 1 fari ne, 2 shuɗi mai haske, 3 baƙi. A na biyu, 1 kore mai haske, 2 kore mai duhu, 3 dai baƙi. Lamba 0 kuwa launinta ɗaya ne a bango, ko da wane jeri ka yi amfani.

Yanzu jerawa. A sama ka ajiye gajimaren cikakke, kai da gindi, da jeri na farko. A ƙasa kan kaɗai za ka ɗauko, ka zaunar da shi daidai bakin tubalan ƙasa, ka ba shi jeri na biyu. Wannan yankewar ce ta fi burge ni, don ita ke sa ido ya yarda cewa tsiro ne ya fito daga ƙasa. In kana son mai tsawo, maimaita tudun tsakiya sau biyu ko uku.

Ribar fa? A ce kan ya ci tayil huɗu: ka tsira da bayit 64, da gurbi huɗu cikin 256 da teburin zanen bango ke ɗauka, ka zuba wani abin.

Inda ake tuntuɓe shi ne, ba tayil ɗaya-ɗaya ake zaɓa wa launi ba. Fili mai ɗigo 16 a kan 16, wato tayil huɗu, jeri ɗaya yake bi. In ciyawarka ta zame da tayil ɗaya ta shiga filin maƙwabci, za ka ga gefenta ya ɗauki launin tubali ko ya yi fari fat. Da ka ga haka, ka ƙirga tayil daga hagu, kana farawa da sifili, ka mayar da farkon zanen kan 0, 2, 4 ko makamancinsu.