Yadda ake bayanin jadawali da zane a cikin rahoto

Rahotanni da yawa, na ma'aikata da na ɗaliban da ke rubuta kundin kammala karatu, sukan kawo jadawali cike da alƙaluma, a rubuta a samansa "Jadawali na 1 yana nuna sakamakon binciken", sai a wuce gaba. Wannan jimlar ba ta gaya wa mai karatu komai ba. Wasu kuma sukan kwashe duk lambobin da ke jadawalin su zuba su cikin sakin layi, su sa mutum ya karanta abu ɗaya sau biyu. Aikin bayanin da ke kusa da jadawali shi ne ya nuna inda ido zai fara sauka, da abin da za a gani a wurin. Za mu bi matakan da misali ɗaya, wato alƙaluman ƙidayar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a Najeriya a 1991 da 2006.

Jadawali na 1: Yawan jama'a a jihohi huɗu da Babban Birnin Tarayya, 1991 da 2006

| Jiha | 1991 | 2006 | Ƙari (mutane) | Ƙari (kashi cikin ɗari) |
|---|---|---|---|---|
| Kano | 5,810,470 | 9,401,288 | 3,590,818 | 62 |
| Legas | 5,725,116 | 9,113,605 | 3,388,489 | 59 |
| Kaduna | 3,935,618 | 6,113,503 | 2,177,885 | 55 |
| Katsina | 3,753,133 | 5,801,584 | 2,048,451 | 55 |
| Babban Birnin Tarayya | 371,674 | 1,406,239 | 1,034,565 | 278 |
| Najeriya baki ɗaya | 88,992,220 | 140,431,790 | 51,439,570 | 58 |

Mataki na farko: fitar da saƙon jadawalin a jimla ɗaya

Kafin ka rubuta komai, rufe jadawalin ka tambayi kanka: in shugaban ofis ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya ce "me wannan jadawalin ya ce?", me zan amsa masa? A misalinmu akwai lambobi ashirin da huɗu, amma saƙon bai wuce wannan ba: jihohin huɗu sun ƙaru kusan daidai da ƙasar baki ɗaya, Abuja ce kaɗai ta fita daban. In ka kasa samun irin wannan jimlar, ko dai jadawalin ya haɗa batutuwa biyu da ya kamata a raba su, ko kuma rahoton ba ya bukatarsa a ciki, sai a kai shi rataye a ƙarshe.

Hanyar gano saƙon ita ce a bi layin tsaye guda ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Duba layin ƙarshe: 62, 59, 55, 55, sai 278. Huɗu na farko sun taru wuri ɗaya, na biyar ya yi musu fintinkau. Abu uku ake nema ko da yaushe: inda yawanci suka karkata, girman bambancin da ke tsakani, da wanda ya saɓa wa sauran.

Mataki na biyu: kira jadawalin da lambarsa kafin ya bayyana

Kowane jadawali da kowane zane dole a ambace shi a cikin rubutu, kuma ambaton ya riga shi zuwa. A guji "jadawalin da ke ƙasa" ko "zanen da ke shafi na gaba", domin da zarar an ƙara sakin layi ɗaya ko an canja girman takarda wajen bugawa, abin da ke ƙasa ya koma wani shafin. A ce "Jadawali na 1". Kuma ya fi kyau a sa lambar cikin baka a ƙarshen jimlar da ke ɗauke da saƙon, maimakon a ɓata jimla guda wajen sanar da cewa akwai jadawali.

Mataki na uku: rubuta sakin layin, saƙo a gaba, hujja a baya

Ga yadda aka saba ganin sa:

"Jadawali na 1 yana nuna yawan jama'a. A 1991 Kano tana da mutum 5,810,470, a 2006 tana da 9,401,288. Legas tana da 5,725,116 a 1991, tana da 9,113,605 a 2006. Kaduna kuma…"

Babu ƙarya a ciki, amma mai karatu zai kai ƙarshe bai san me ake so ya lura da shi ba. Ga gyaran:

"Tsakanin 1991 da 2006, yawan jama'ar jihohin huɗu ya ƙaru da kashi 55 zuwa 62 cikin ɗari, wato kusa da kashi 58 na ƙasar baki ɗaya (Jadawali na 1). Kano ce ta fi samun ƙarin mutane, kimanin miliyan 3.6, Legas na biye da ita da miliyan 3.4. Babban Birnin Tarayya ya saɓa wa wannan: jama'arsa sun tashi daga kimanin 372,000 zuwa miliyan 1.4, kusan ninki huɗu, ko da yake ƙarin da ya samu bai kai sulusin na Kano ba."

Jimla uku ce, kowacce da aikinta. Ta farko ta ba da yanayin gaba ɗaya, ta kuma kafa ma'auni, wato kashi 58 na ƙasa, domin lamba ba ta nuna yawa ko ƙaranci sai an jera ta da wata. Ta biyu ta ɗauko misalai biyu. Ta uku ta nuna wanda ya fita daban, sannan ta tare kuskuren da mai karatu zai iya yi, na zaton Abuja ce ta fi kowa samun ƙarin mutane saboda ya ga 278. Wannan wutsiyar jimlar tana da muhimmanci ƙwarai. Duk inda aka fara da ƙaramin adadi, kashi cikin ɗari yakan kumbura, saboda haka a haɗa shi da ainihin adadin.

Ka lura kuma an taƙaita lambobin. A jadawali ake barin 9,401,288 cif-cif. A cikin magana miliyan 9.4 ya wadatar, ya fi kuma zama a kai. Sai dai a riƙe salo ɗaya: kada Kano ta zo da miliyan 3.6, Legas kuma da 3,388,489 a jimla ɗaya, don ido ba zai iya gwada su nan take ba.

Mataki na huɗu: tace kalmomin awo

Nan ne rahotanni masu kyau ma sukan yi tuntuɓe. "Ya ƙaru da" daban, "ya ƙaru zuwa" daban. Kano ta ƙaru da miliyan 3.6, ta ƙaru zuwa miliyan 9.4. Kalma ɗaya ce ta bambanta su, amma tazarar mutum kusan miliyan shida ce.

Haka batun ninki. Ƙarin kashi 100 ninki biyu ne, ƙarin kashi 200 ninki uku. Saboda haka kashi 278 na Abuja ba "kusan ninki uku" ba ne. Raba 1,406,239 da 371,674, za ka samu kimanin 3.8, shi ya sa aka ce kusan ninki huɗu.

Sai gwada kashi da kashi. Kano 62, Legas 59. In ka rubuta "Kano ta fi Legas da kashi 3 cikin ɗari", wani zai ɗauka yawan jama'a ake nufi. Mafi aminci a faɗi lambobin biyu kai tsaye: "kashi 62 a Kano, 59 a Legas". Kalmomi irin su "sosai", "ƙwarai" da "kaɗan" kuwa, kada a bar su su tsaya su kaɗai. Duk inda suka zo, lamba ta biyo su.

Mataki na biyar: raba abin da jadawali ya nuna da abin da kai ka fassara

Jadawalin ya nuna Abuja ta bunƙasa, bai faɗi dalili ba. Sanannen abu ne cewa a Disambar 1991 gwamnatin tarayya ta koma Abuja daga Legas, bayan ƙidayar da aka yi a Nuwamban shekarar. Kana iya kawo wannan, amma a jimlarsa daban, da lafazin da ke nuna fassara ce: "wannan ya zo daidai da komawar gwamnati Abuja". In ka rubuta "Jadawali na 1 ya nuna komawar gwamnati ce ta jawo ƙarin", ka ɗora wa jadawalin maganar da bai yi ba, kuma mai duba aikinka zai nemi layin da ya nuna hakan ya rasa.

A nan kuma ake faɗar abin da zai iya rikita kwatance. A ce ka ƙara jihar Sakkwato a jadawalin. An cire Zamfara daga cikinta a 1996, kamar yadda aka cire Gombe daga Bauchi, Nasarawa daga Filato. In lambar 1991 ta tsohuwar jiha ce, ta 2006 kuma ta sabuwa, ƙarin da za ka lissafa ba shi da ma'ana. Dole a faɗi wace iyaka aka yi amfani da ita, a ƙasan jadawalin da kuma cikin rubutu. Haka nan gwamnatin Legas ta ƙi amincewa da adadin da aka ba jihar a 2006. Rahoton da ke gwada Kano da Legas ya kamata ya ambaci wannan a jimla ɗaya.

Idan zane ne

Tsarin bai canja ba, sai dai zane siffa yake nunawa: hawa, sauka, tsayawa, ko inda layi biyu suka gitta juna. Fara da gaya wa mai karatu abin da ke kwance a ƙasa da abin da ke tsaye a gefe, in ba a bayyane suke ba, sannan ka kai shi wurin da kake so: "dubi sanda ta ƙarshe a dama". Kada ka dogara da launi, ka ce "jan layi", domin yawancin rahotanni baƙi da fari ake buga su, ja da kore duk su koma toka-toka. Kira layin da sunansa, "layin Kano", ko da siffarsa, "layi mai ɗigo-ɗigo".

Duba kuma inda ma'aunin gefe ya fara. In aka zana yawan jama'ar Kano da Legas na 2006 da sanduna, ma'aunin ya fara daga miliyan 9, sandar Kano za ta fi ta Legas tsawo fiye da sau uku, alhali tazarar mutum 287,683 ce, kimanin kashi 3 cikin ɗari. Zanen sanduna daga sifili yake farawa. In ba kai ka zana ba kuma babu halin gyarawa, faɗi ainihin tazarar a rubutu.

Dubawar ƙarshe

Ɗauki biro ka bi kowace lamba da ke cikin rubutu, ka nemo ta a jadawali, ka yi mata alama. Yawancin saɓani yakan shigo ne sa'ad da aka sabunta jadawali aka manta da sakin layin da ke bayaninsa. Lambobin jadawalai ma sukan goce in an cusa sabo a tsakiya. A Microsoft Word, sa taken da Insert Caption da ke ƙarƙashin References, ka riƙa kiran jadawalin da Cross-reference maimakon buga lambar da hannu. Kafin bugawa danna Ctrl+A sannan F9, lambobin su daidaita. In ka ga "Error! Reference source not found." a wani wuri, an goge taken da wurin ke nuni gare shi, sai ka sake saka Cross-reference ɗin zuwa jadawalin da ya dace.