Taƙaitaccen tarihin aiki tsakanin Hausa da Ingilishi: shawara ga sabon zuwa

Ba da jimawa ba bayan kun sauka Birtaniya ko Kanada za a nemi ku rubuta layi huɗu ko biyar game da kanku, ko don shafin LinkedIn ko don gabatar da ku a wurin aiki. Wanda ya tsara bayanin da Hausa sannan ya bi shi jimla bayan jimla yana mayarwa Ingilishi yakan samu abin da ba ya yi masa aiki, domin tsarin harsunan biyu ya bambanta tun daga farko. A wurinmu ana farawa da garin haihuwa, makarantar allo da firamare, a rufe da aure da yawan 'ya'ya. Mai ɗaukar aiki a can yana so ya ga sana'arku ta yanzu a jimlar farko, kuma ba a saba sa shekarun haihuwa ko maganar iyali ba.

A ɗauki misalin mai HND a fannin lantarki wanda ya rubuta cewa, “Cikin ikon Allah mun ɗan taɓa aikin sola a wasu asibitoci.” Bahaushe ya san wannan kawaici ne, kuma mai maganar shi ne ya jagoranci aikin. Idan aka fassara ta yadda take, Bature zai ɗauka cewa mutumin ɗan taimako kawai ya yi a cikin ayarin wasu. Abin da ya kamata ya fito a Ingilishin shi ne cewa shi ya shugabanci ma'aikatan, ya faɗi yawansu, da yawan asibitocin, da shekarun da aka yi aikin.

Sunan takardar shaida kuwa a bar shi yadda yake a jikinta, a ƙara da ƙasar da ta bayar. HND ta Najeriya tana zuwa ne bayan ND, alhali a Birtaniya akwai wata HND ɗin mai tsarinta daban, don haka kada ku kira taku digiri da kanku. Cibiyoyin UK ENIC a Birtaniya da WES a Kanada suna auna matsayin irin waɗannan takardu. Haka nan a Kanada doka ce ke tsare laƙabin injiniya, sai mai lasisin lardi, ko da kowa a gida Injiniya yake kiranku.

Idan kuma ƙungiyar Hausawa ce ta nemi bayanin, salon Ingilishin zai zama yabon kai a kunnen dattawa. A nan sai a dawo da laƙabin Malam ko Hajiya, a ce “an ɗora masa alhakin kaza”, amma shekaru da muƙamai su kasance daidai da na bayanin Ingilishin. Kafin ku aika na Ingilishin, ku ba wani abokin aiki ya karanta ya faɗa muku aikin da ya fahimci kuna yi. Idan ya rage muku matsayi, kawaicin bai fita ba tukuna.